Saƙon da Mai Rubuta Manhaja Ke Barin wa Na Baya

Duk manhajar da ke cikin wayarka, ta banki ce ko ta hira, ba a rana ɗaya aka rubuta ta ba, kuma ba mutum ɗaya ya rubuta ta ba. Mutane ne suke ta taɓa ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Wannan ya ƙara layi uku, wancan ya cire biyar, wani ya bar aikin, wani sabo ya gaje shi. Domin kada kan aikin ya rikice, mafi yawan masu wannan sana'a suna amfani da wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a watan Afrilun 2005 don kula da aikin Linux, kafin ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano a cikin wannan shekarar. Aikin Git shi ne adana tarihi. Duk lokacin da mai aiki ya gama wani gyara, sai ya ba da umarnin `git commit`, Git ta ɗauki gyaran ta ajiye shi a matsayin mataki guda, ta ba shi lambar shaida, ta rubuta sunan mai shi da lokacin. Wannan matakin shi za mu riƙa kira ajiya.

Kusan komai Git da kanta take rubutawa. Ta san wa ya yi, ta san yaushe, ta san layin da aka cire da wanda aka ƙara har harafi ɗaya. Abu guda ne ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba: dalilin da ya sa aka yi gyaran. Shi ya sa kafin ta ajiye take tsayawa ta buɗe wa mutum fili ta ce ya rubuta saƙo. A wannan filin ne da yawa suke rubuta `update` ko `fix` ko `gyara` su wuce, kuma a nan ne ake shuka wahalar da wani zai girba bayan shekara biyu.

Layi biyu da suka yi kama da shirme

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wasu matasa huɗu sun rubuta wa makarantu manhajar rajistar ɗalibai. Wata rana koke ya zo daga ofishin wata makaranta: akawu ya rubuta "Danladi" a gurbin bincike, manhaja ta ce babu mai wannan suna, alhali yaron yana aji yana zaune. Da aka duba sai aka ga an shigar da sunansa da harafi mai lanƙwasa, wato "Ɗanladi", shi kuwa akawun madannan kwamfutarsa ba su da wannan harafi. A wurin kwamfuta, ɗ da d haruffa ne daban kamar yadda m da s suke daban.

Ɗaya daga cikin matasan, mace ce a misalinmu, ta fara gwada hanyar da kowa ya sani. Akwai wata dabara a ƙa'idar haruffan kwamfuta ta Unicode da ke raba harafi da alamar da ke kansa, ta yadda é ta Faransanci za ta rabu zuwa e da ɗan karan da ke samanta, a zubar da karan a bar e. Ta gwada, bai yi aiki ba. Dalili kuwa shi ne a Unicode, ɗ da ƙ da ɓ haruffa ne masu cin gashin kansu, lanƙwasar ba alama ce da aka ɗora ba, don haka babu abin da za a raba. Dole ta rubuta musanyar da hannunta:

```
MAYE = str.maketrans("ɗƙɓ", "dkb")
suna = suna.lower().translate(MAYE)
```

Matsala ta kau. To, a ce saƙon da ta bari shi ne `gyara bincike`. Bayan shekara biyu ta samu wani aiki ta tafi. Sabon ma'aikaci ya zo yana share-share, ya ga waɗannan layuka biyu, ya ga kuma a ƙasansu akwai waccan dabarar ta Unicode tana cire alamomi. Abin da zai zo masa a rai shi ne an maimaita aiki, wanda ya rubuta bai san da dabarar ba. Mai hankali ne, don haka kafin ya goge sai ya bincika. Ya ba da umarnin `git blame`, wanda ke nuna ajiyar da ta taɓa kowane layi a ƙarshe. Ya ɗauki lambar ajiyar ya buɗe ta da `git show`. Abin da ya tarar kalma biyu ne da ba su gaya masa komai ba. Sai ya goge layukan da zuciya ɗaya, kuma a makon da aka koma makaranta Ɗanladi ya sake ɓacewa, tare da Ƙasimu da duk mai suna irin nasu.

Ba sabon ma'aikacin ne ya yi sakaci ba. Ya je inda ya kamata ya je, ya yi tambayar da ta dace, amsar ce babu. Ga abin da ya kamata ya tarar:

```
bincike: ɗauki ɗ, ƙ, ɓ daidai da d, k, b

Akawun da madannansa ba su da haruffa masu lanƙwasa yana rubuta
"Danladi", amma an adana sunan da "Ɗanladi", sai bincike ya ce babu.

An gwada normalize("NFD") bai yi ba, domin Unicode ba ta raba
waɗannan haruffa da lanƙwasarsu kamar yadda take raba é.

Musanyar a wajen bincike kawai take. Sunan da aka adana bai canja
ba, don ya fito daidai a takardar sakamako.
```

Da ya ga wannan, da ya janye hannunsa. Rubuta shi bai fi minti uku ba. A cikinsa akwai sassa biyu, layin farko da jiki, kuma kowanne da aikinsa.

Layin farko

Layin farko take ne, kuma ba don ado ake matsa wa mutane su gajarta shi ba. Git tana ɗaukar wannan layin ita kaɗai ta kai shi wurare da yawa inda babu filin sauran bayani. Idan aka ba da umarnin `git log --oneline`, kowace ajiya layi ɗaya take samu a jeri. Idan aka aika gyara ta wasiƙar imel, kamar yadda masu aikin Linux suke yi har yau, wannan layin ne ke zama kan wasiƙar. Shafukan da ake ajiye manhajoji kuma suna datse shi in ya yi tsawo. Bayanan da ke zuwa tare da Git kanta sun ba da shawarar kada ya wuce haruffa 50, shawarar da wani mai rubuta manhaja, Tim Pope, ya ƙara yaɗawa da wani gajeren rubutu a 2008. Ba doka ba ce, Git ba za ta ƙi karɓar mai haruffa 80 ba, kuma masu aikin Linux sun yarda a kai 70 zuwa 75. Amma adadin yana da amfani ta wata fuskar: yana tilasta wa mutum ya san abin da ya yi. Taken misalinmu haruffa 40 ne, kuma wanda ke gudu da ido a kan jerin ajiya ɗari biyu yana neman inda aka taɓa bincike zai tsaya a kansa nan take.

An saba rubuta shi da sigar umarni: cire kaza, ƙara kaza, hana kaza. Ba a cewa "na cire" ko "an cire". Wannan ya dace da yadda Git ke rubuta nata saƙonnin, domin idan ta haɗa rassan aiki tana farawa da `Merge`, idan ta warware ajiya tana farawa da `Revert`. A Hausa ma sigar umarni ta fi gajarta, sai ta bar wa ma'ana fili.

Sai layin da ba kowa a cikinsa, tsakanin take da jiki. Shi ne abin da sababbi suka fi mantawa, kuma shi kaɗai ne a cikin duk waɗannan ƙa'idoji wanda Git kanta take dogara da shi. Da wannan gurbin take gane inda take ya ƙare. In aka manta shi, sai ta haɗa dukan sakin layin farko ta ɗauke shi take, jerin `--oneline` ya cika da wani dogon layi da ya mamaye allo. Duk wanda ya ga haka a tarihin aikinsa, to ga dalilin.

Akwai wata alama kuma da take ke bayarwa wadda na fi ɗauka da muhimmanci. Idan ka zauna rubuta shi ka ga sai ka sa "da" sau biyu ko uku, misali gyara bincike da canja launin maɓalli da sabunta lissafin maki, to matsalar ba ta rubutu ba ce. Ayyuka uku ka cusa a ajiya ɗaya. Ranar da aka gano lissafin makin yana da kuskure aka so warware shi da `git revert`, gyaran binciken ma zai tafi tare da shi, domin umarnin ajiya sukutum yake warwarewa. Maganin shi ne a raba tun kafin ajiyewa. Umarnin `git add -p` yana nuna wa mutum gyare-gyarensa gutsure-gutsure, ya zaɓi waɗanda za su shiga wannan ajiyar, ya bar saura ga ta gaba.

Jiki, inda dalili yake zaune

Kuskuren da ya fi yawa a jikin saƙo, ga waɗanda ma suka damu su rubuta shi, shi ne maimaita abin da ido ke gani. Mutum zai rubuta cewa ya ƙara teburin musanya, ya kira `translate` a kan suna. Duk wannan Git tana nunawa a ƙasan saƙon, layi bayan layi, kuma ta fi shi daidai. Kamar katin asibiti ne: likitan da ya karɓi mara lafiya daga hannun wani zai iya ganin maganin da aka rubuta, abin da yake nema a katin shi ne me aka gani a jikin mara lafiyar har aka zaɓi wannan maganin, da wanda aka fara gwadawa bai karɓe shi ba.

A koma ga saƙon misalinmu a ga abin da kowane sakin layi ya ɗauka. Na farko ya faɗi matsalar yadda mai amfani da manhajar ya gamu da ita: wa ya rubuta me, me ya fito. Wannan yana ba na baya hanyar gwadawa da kansa. Zai iya rubuta "Danladi" ya ga ko har yanzu gyaran yana aiki. Da an ce "bincike yana da matsala" kawai, babu abin gwadawa.

Na biyu shi ne mafi tsada, kuma shi aka fi bari a baya: hanyar da aka bi aka dawo. Duk gyaran da ya yi kama da baƙon abu, akwai wata hanya mafi sauƙi da ke kusa da shi, wadda kowane mai ilimi zai fara tunawa. In an gwada ta ta ƙi, ko an duba an ƙi ta saboda wani dalili, wannan labarin ba ya barin sawu a cikin rubutun manhaja, domin abin da aka gwada aka goge ba ya shiga tarihi. Yana kan mutum ɗaya ne kawai, kuma mutumin nan zai manta, ko ya tafi. Jimla ɗaya a kan dabarar Unicode ita ce ta tsaya tsakanin sabon ma'aikaci da maimaita kuskure.

Na uku ya shata iyaka: abin da gyaran ya taɓa da abin da ya bari da gangan. A nan ne kuma ake faɗin farashin da aka biya, in akwai. A misalinmu akwai shi. Tunda bincike ya daina bambanta k da ƙ, wanda ya nemi "Kasimu" zai samu har da "Ƙasimu", wato sakamako zai ɗan yi yawa. An yarda da hakan ne domin gara a ga suna biyu a zaɓa da a ce babu. Akwai kuma abin da ba a taɓa ba: harafin ƴ da ake rubutawa a Nijar, wanda a Najeriya aka fi rubuta shi da 'y. In manhajar za ta tsallaka iyaka wata rana, zai dace a ce saƙon ya ambaci cewa an bar wannan a buɗe. Mai aikin da ya rubuta "ban taɓa kaza ba tukuna" ya yi wa abokansa alheri fiye da wanda ya yi shiru don aikinsa ya yi kama da cikakke.

Ta fuskar tsari, an saba karya layukan jiki a wajen haruffa 72. Asalin wannan shi ne allon rubutu na gargajiya yana ɗaukar haruffa 80 a layi, `git log` kuma tana tura saƙo ciki da gurbi huɗu, don haka 72 yana barin sarari a kowane gefe. Wani ƙaramin tarko: idan ana rubuta saƙon a filin da Git ta buɗe, duk layin da ya fara da alamar `#` zubar da shi take yi, domin ta ɗauke shi bayanin gefe. Wanda ya fara layi da lambar koke irin `#41` zai nemi layin ya rasa.

Ba kowace ajiya ce ke buƙatar jiki ba, kuma ban ga amfanin tilasta shi a ko'ina ba. Wanda ya gyara kuskuren harafi a rubutun maɓalli, take ya ishe shi. Ma'aunin da nake ganin ya fi shi ne mutum ya tambayi kansa: in wanda bai san labarin ba ya ga wannan gyaran, zai iya tunanin kuskure ne? In amsar e ce, sai a rubuta jiki. Girman gyaran ba shi ne ma'auni ba. Sau da yawa gyaran layi ɗaya ne ke buƙatar sakin layi uku, domin an kwana ana nemansa, yayin da gyaran layi ɗari biyar na canja sunan wani abu ba ya buƙatar komai. Abin da ke hana mutane rubuta jiki kuma, a ganina, har da sabo da `git commit -m`, wanda ke sa a rubuta saƙon a cikin layin umarni. Filin ƙarami ne, sai tunanin ma ya ƙanƙance. In aka bar `-m`, Git tana buɗe shafi sosai.

Wani zai ce ai bayanin yana cikin tattaunawar da aka yi a waya, ko a shafin da ake rubuta koke-koke, a sa lambar koken ya isa. Sa lambar yana da kyau, har ma a GitHub rubuta `Fixes #41` yana rufe koken da kansa idan gyaran ya shiga babban reshe. Amma ƙungiyoyi suna canja shafin koke, hirar waya tana bin wayar da ta ɓata. Saƙon ajiya kuwa yana cikin kowane kwafin aikin da aka sauke, ana karanta shi ko babu intanet. Lamba ƙari ce a kan bayani, ba madadinsa ba. Wannan dawwamar tana da ɗaya fuskar: kalmar sirri, ko sunan ɗalibi na gaskiya da bayanansa, ba su da wuri a saƙo, domin cire su bayan sun bazu aiki ne mai wuya.

Abin da ƙungiya za ta yarda a kai

Idan mutum huɗu suna rubutu a tarihi ɗaya, kowa da salonsa, jerin ba ya karantuwa. Manyan ayyuka sun daɗe da magance wannan da rubutacciyar yarjejeniya. A aikin Linux, take yana farawa da sunan sashen da aka taɓa, sai alamar ɗigo biyu, irin yadda muka sa `bincike:` a gaba. A ƙarshen saƙo kuma dole a sami layin `Signed-off-by:` da sunan mai gyaran, al'adar da aka shigo da ita a 2004 don mutum ya shaida cewa yana da haƙƙin ba da abin da ya bayar. `git commit -s` yana ƙara shi. In gyaran yana magance kuskuren da wata tsohuwar ajiya ta kawo, sai a sa layin `Fixes:` da aƙalla haruffa 12 na farkon lambarta, wanda ke taimaka wa masu kula da tsofaffin fitowar Linux su san inda gyaran ya kamata ya kai.

Akwai wani tsarin da ya yaɗu, mai suna Conventional Commits, wanda ya samo asali daga ƙa'idar aikin Angular. Shi da nau'in gyaran yake farawa: `fix:` ga gyaran kuskure, `feat:` ga sabon abu, sai `BREAKING CHANGE:` in gyaran zai karya wa masu dogaro da manhajar aiki. Amfaninsa shi ne na'ura tana iya karanta waɗannan kalmomi ta fitar da jerin canje-canje, har ta yanke lambar fitowa ta gaba. Ga ƙungiyar da ke fitar da manhaja a kai a kai ga wasu masu rubuta manhaja, wannan riba ce ta gaske. Ga matasanmu huɗu kuwa, na fi son sunan sashe a gaba, domin mai neman asalin matsala tambayarsa ita ce ina aka taɓa. Kuma kada tsarin ya ruɗi kowa: `fix: gyara bincike` ya cika ƙa'ida tsaf, amma bai fi `gyara bincike` amfani da komai ba.

A wurinmu akwai tambayar da dole a yanke tun farko, wato harshe. Git tana karɓar saƙo da Hausa, har da haruffa masu lanƙwasa, ba tare da matsala ba. Wanda zai ba da gudummawa ga aikin duniya irin Linux dole ya rubuta da Turanci. Amma ƙungiyar da duk membobinta Hausawa ne, ko wadda rabinta a Kano da Turanci suka yi karatu rabi a Maraɗi da Faransanci, tana iya ganin cewa dalili ya fi fitowa sarai da harshen da kowa ke tunani da shi. Abin lura shi ne wa zai karanta nan da shekara biyar. A zaɓi ɗaya a rubuta shi a yarjejeniya.

Yarjejeniyar kada ta wuce rabin shafi, kuma a sa ta inda hannu zai taɓa ta. Git tana da saitin `commit.template`, wanda ke sa duk lokacin da aka buɗe filin saƙo a tarar da tambayoyin da ƙungiya ta tsara, misali mece ce matsalar, me aka gwada, me aka bari. Ana kuma iya sa ɗan mai gadi da ake kira `commit-msg`, ya ƙi karɓar saƙon da takensa ya yi tsawo ko ya rasa sunan sashe. Iyakarsa ke nan: yana ƙirga haruffa, ba ya gane ko an faɗi dalili. Wannan sai mutum. Wanda ke duba gyaran abokinsa kafin a haɗa shi da babban aiki ya karanta saƙon kamar yadda yake karanta layukan manhajar, in ya yi tambaya aka ba shi amsa da baki, ya ce a mayar da amsar cikin saƙo.

Lokacin yin hakan kuwa ƙayyadadde ne. Muddin ajiyar tana kan kwamfutar mai ita, `git commit --amend` yana ba shi damar sake rubuta saƙon ajiyar ƙarshe yadda ya so. Amma saƙon yana cikin abubuwan da ake lissafa lambar shaida da su, don haka canja harafi ɗaya yana haifar da sabuwar ajiya mai sabuwar lamba. In an riga an tura tsohuwar zuwa reshen da kowa ke ɗiba, tarihin mai gyaran zai saɓa da na abokansa, sai an yi aikin sasantawa. Shi ya sa yawancin ƙungiyoyi suke hana taɓa saƙon da ya shiga babban reshe. Ƙungiyar da ke dunƙule ajiyoyin reshe su zama ɗaya a lokacin haɗawa kuma ta sa ido a wannan gaɓar, domin saƙon da aka rubuta wa dunƙulen shi kaɗai zai rage a babban reshe. In mai haɗawa ya danna maɓalli bai duba abin da ke cikin filin ba, jimlar nan ta dabarar Unicode tana iya zubewa a hanya, ko ta nutse a cikin tarin `gyara` da `sake gyara` da aka jera masa.